Bijimi a Ɗanyen Kankare

Shekara ashirin da biyu nake kafa shingen waya tsakanin Djougou da Parakou, kuma ban taɓa yi wa dangi aiki na koma gida da daɗin rai ba. Shi ya sa da matata Fatchima ta ce in je in yi wa ƙaninta Rilwanu shinge, na ce mata a kai kasuwa.

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Maigida, korarsa fa za a yi."

Rilwanu dillalin dabbobi ne. Yana da fili a Tourou, can bakin garin Parakou, inda mahaifinsu ya fara turke raguna tun wurin yana daji. Yanzu gari ya cim ma wurin. Gabas da shi akwai lambun wata dattijuwa, Inna Saratou, mai noman alayyafo da latas, kuma sau uku ragunan Rilwanu suna keta shingen karan da ya yi su shiga su yi mata aski. A na ukun ta kai ƙara wurin mai unguwa, Abdoul Karim, wanda a can ake ce wa delege. Delege ya yanke magana ba tsawo: sati biyu. In ya zo ranar Juma'a ta biyu bai tarar da shingen waya a tsaye ba, Rilwanu ya kwashe dabbobinsa ya bar unguwar. Ga Layya ta matso, ga raguna sittin da ya saya a arewa suna jiran mota.

To me zan ce? Na ɗaure kayan aikina ranar Litinin na hau mota.

Na tarar da shi a filin, da babbar riga da waya biyu a hannu, yana ta kai da kawo. Mutum ne wanda in ya dubi sa sau ɗaya zai gaya maka nauyinsa, kuma da wuya ya yi kuskure. Matsalarsa ita ce yana ganin wannan idon nasa ya isa komai a duniya. Da na fiddo zare na fara ja daga dutsen iyaka zuwa dutsen iyaka, sai ya ce, "Yaya Massaoudou, duk wannan na mene ne? Ni daga nan ina ganin layin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima."

Na ce, "Kimar sa ya sani. Matsa mini daga kan zare."

Kwana biyu muna haƙa, ni da abokan sana'arsa uku da suka zo taya shi. Shinge na giriyaji, wato ragar waya, ba ragar ce ƙarfinsa ba, ƙarafan da ke riƙe da ita ne, waɗanda muke ce wa poto. Su ma ba duka ɗaya ba ne. Na tsakiya ana jera su mita biyu da rabi tsakani, ramin kowane rabin mita, aikinsu kawai su riƙe ragar a tsaye. Na kusurwa su ne 'yan dako. Duk jan da za a yi wa waya, ta nan da ta can, a wuyansu yake ƙarewa. Don haka su suka fi kauri, raminsu santimita saba'in, kuma kowane ana tokare shi da ƙarfe biyu a karkace, ɗaya ta kowane layi, kowace tokara da nata kankaren a ƙafa.

Ranar Laraba muka zuba. Tsakuwa kaɗan a gindin rami don ruwa ya samu hanya, sannan kwaɓi: siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa uku, ruwa daidai yadda ba zai yi kunu ba. Ina zubawa ina cakawa da rodi don iska ta fita. Na fara da kusurwa huɗu, sannan na ja zare sama da ƙasa na jera na tsakiya. Kowane poto sai na saki igiyar dalma a jikinsa ta fuska ɗaya, in zagaya in sake ta ɗaya fuskar, domin ƙarfe yana iya miƙewa ta gabas ya kwanta ta kudu. In ya daidaita in tokare shi da itace, in tara kankaren sama ya yi ɗan tudu yadda ruwan sama ba zai kwanta a gindin ƙarfen ba. Kafin azahar poto talatin da biyu suna tsaye, kuma gaskiya sun yi mini kyau.

Na wanke hannu na kira Rilwanu. Na ce, "Zan koma Djougou, ina da suna a Partago. Laraba mai zuwa zan dawo mu ja raga, Alhamis mu gama, Juma'a delege ya zo ya sha kallo. Abu biyu na bar maka. A zuba wa gindin kowane ruwa safe da yamma, don kankare in ya bushe da sauri ba ya ƙarfi. Na biyu, kada kowa ya taɓa su. Kada a jingina, kada a rataya ko hula."

"Kwana bakwai? Ai gobe ma ya zama dutse."

"Gobe fuskarsa ce za ta zama dutse. Cikinsa da saura."

Ya ce ya ji, ya raka ni har bakin titi.

Da na dawo Larabar, tun daga kan babur na hango abin. Poton kusurwar gabas maso kudu, wanda ke daf da lambun Inna Saratou, ya ɗan sunkuya wajen alayyafonta. Na sauka, na amsa gaisuwa, na sha ruwan da aka kawo mini, sannan na je na saki dalma. Yatsa huɗu ya kauce a sama. Na dafa shi da hannu ɗaya, ya motsa kamar haƙorin da ya kusa fita. A gindinsa an liƙa laka an shafe ta sumul. Na kankare lakar da wuƙa, sai ga kankaren ya tsage gida uku, tokarorin biyu kuma ƙafafunsu sun ɗago daga mazauninsu.

Na ce, "Rilwanu, zo nan. Wa ya taɓa wannan?"

"Wanne?"

"Wanda aka yi wa kwalliya da laka."

Ya duba wayarsa ta dama, ya duba ta hagu, babu wanda ya kira shi. Daga ƙarshe ya ce, "Yaya, ba taɓawa aka yi ba. Ɗaurewa aka yi, kuma ba a daɗe ba."

Ashe ranar da na tafi, ko Djougou ban kai ba, wani Bafillace ya kawo masa bijimi. Ana cikin ciniki aka kira la'asar. Shi kuwa dillali, tun da uwarsa ta haife shi, in ya ga abu a kafe a ƙasa to turke ne. Hannunsa ne ya ɗaura igiyar, in ji shi, kansa bai ma sani ba. Suka tafi masallaci. Bijimi ya hango kore a lambu, ya miƙa wuya, ya bi da ƙirji. Da suka dawo poto ya kwanta rabi, sai suka taru su uku suka tura shi, Rilwanu ya tsaya daga nesa ya rufe ido ɗaya ya ce ya miƙe.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kunnuwana sun yi zafi. Na ce, "Hula na ce kada a rataya. Hula. Kai ka rataya mini sa."

"To ai abin ya zo da sauƙi," in ji shi, har da ɗan murmushi. "Waje ya karkata. In muka ja raga, ciki za ta jawo shi, sai ya dawo daidai. Ka ga bijimin ma taimakonmu ya yi."

Ka ji dillali. Zai sayar maka da akuya mai tari ya ce waƙa take yi. Na zaunar da shi a kan buhun siminti na yi masa bayani a hankali, don kada in yi masa da ƙarfi. Na ce raga za ta jawo shi, gaskiya ne, amma wa zai ce masa ya tsaya in ya zo daidai? Kankaren ya fashe, tokarorin ba su taka komai ba. Zai zo daidai ya wuce, yau yatsa ɗaya, jibi biyu. Layi biyu da ke rataye a wuyansa za su saki, ragar ta yi ciki, ƙasanta ya ɗaga. Rago kuwa ba ya bukatar ƙofa, inda kansa ya shiga nan jikinsa zai bi.

"Ba sai ta kai Juma'a kawai ba? Delege ya gani ya tafi."

"Za ta kai Juma'a. Ranar Talata kuma raguna sittin suna cikin latas, ka ga a lokacin ko sati biyun ba za a ba ka ba. Kuma duk mai wucewa zai tambaya wa ya yi wannan shingen, a ce Massaoudou na Djougou. Ban ja raga a kan wannan ƙarfen ba, ko Fatchima ce ta zo da kanta."

"To yaya za a yi?"

"A fasa, a sake zubawa gobe, a jira kwana bakwai."

Ya ƙirga a yatsunsa, ya ga inda lissafin ya faɗa, kwana shida bayan wa'adi. Nan murmushin ya tafi. Ya dubi filin tun daga bakin hanya har tsohuwar bishiyar mangwaron da mahaifinsu ya dasa. Na ji tausayinsa, amma ban nuna masa ba, don bai gama cancanta ba tukuna.

Muka je wurin delege. Abdoul Karim ya saurare mu yana yanke farce, ya ce shi ba shi da matsala da kowa, amma ƙara ba tasa ba ce. In mai ƙara ta yarda a ƙara sati, ya ƙara. In ba ta yarda ba, Juma'a tana nan inda take.

A hanya Rilwanu ya ce, "Yaya, kai za ka je mata. Kai baƙo ne, za ta ji nauyinka."

"Ni na ɗaure san?"

"Wata huɗu ba mu gaisa ba. Ranar da raguna suka fara shiga lambunta na ce mata ganye ne kawai, ba zinariya ba."

"Ka kyauta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wuce mu je, zan tsaya a bayanka."

Mun same ta a bakin rijiyar lambun tana cika arozuwar, butar ban ruwan nan mai dogon baki. 'Yar ƙaramar mace ce, ta haura sittin, hannuwanta duk jijiya. Rilwanu ya cire takalmi ya durƙusa, ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi jikoki, ya tambayi har ciwon ƙafar da ta warke tun bara. Ta amsa duka ba ta daina jan guga ba. Da gaisuwa ta ƙare masa, dole ya shiga maganar. Ya fara cewa wani ɗan tsautsayi ne ya samu poto ɗaya.

Ta ce, "Farin bijimi mai baƙin kunne. Ina nan tsaye ka ɗaure shi. Ina nan kuma kuka liƙa laka."

Ta juyo gare ni. "Kai ne mai aikin? In ka ja wayar a haka, kwana nawa za ta yi?"

Na ce, "Inna, ba za ta ga Layya ba."

"In ka sake fa?"

"Sai dai jikokinki su gaji da ganinta."

Ta ajiye gugar ta goge hannu a zane. "Rilwanu, na san mahaifinka. Shi in akuyarsa ta ci mini ganye, kafin in sani ya zo da kansa. Ba korarka nake so ba, barci nake so in yi. Na ba ka satin." Rilwanu ya buɗe baki zai fara godiya, ta ɗaga hannu. "Na ji mai aikin nan yana cewa a riƙa ba kankare ruwa safe da yamma. Wancan satin sau uku kawai na ga an zuba. Wannan karon kai za ka zuba da hannunka, ba aike ba. Ga rijiya, ga arozuwar biyu. In ka gama da ƙarfenka, ga fangali shida da ragunanka suka cinye, na sake shuka su. Su ma safe da yamma ne."

Fangali shida, kowane ya kai taki goma. Rilwanu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "To, Inna."

Alhamis muka fasa. Kankaren kwana takwas ba wasa ba ne ko da ya tsage, sai da muka yi rabin yini da guduma da kurfi. Na faɗaɗa ramin, na kankare jikin poton, na sake kafa shi da tokarorinsa, na saki dalma gabas, na saki kudu. Wannan karon Rilwanu na ba igiyar ya riƙe, na ce ya gaya mini da bakinsa in ta yi daidai. Ya daɗe yana kallonta kafin ya ce ta yi. Sannan na kewaye wurin da ƙaya. Ya buga waya aka sauke ragunansa sittin a kara, kasuwar dabbobi, wurin wani makiyayi da ya sani.

Satin nan na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Da rana ina jan raga a layi biyun da ba su shafi wannan kusurwar ba, na arewa da na yamma. Safe da yamma kuma ina zaune a gindin mangwaro da shayina ina kallon babban dillalin Tourou, ya naɗe wando har gwiwa, arozuwar a kowane hannu, yana bin fangali. Abokansa na kara suka samu labari, suka riƙa biyowa ta nan da babura a hankali. Wani ya ce, "Alhaji, nawa ne ɗaurin latas?" Wani ya tambaya ko yana karɓar aikin wata. Inna Saratou kuma tana biye da shi tana cewa ya sassauta hannu, ruwa yake ba su ba wanka ba. Ran farko ya dawo yana huci. Ran na huɗu na ji shi yana tambayarta me ya sa ganyen fangali na biyu ya yi rawaya.

Alhamis ta zagayo. Na daki gindin poton da ƙafa, na rungume shi na jijjiga, ko gezau. Muka fara da wayoyin tsaye, guda huɗu a kowane layi, daga sama zuwa ƙasa, kowace da ɗan makullinta da ake murɗawa har ta miƙe. Sannan muka ware ragar, tsayinta mita ɗaya da rabi, muka tsayar da ita ta cikin fili. Rilwanu ya ce ba ta waje ta fi kyau ba? Na ce in tana ciki, rago in ya tura, a kan poto yake tura ta. In tana waje, ɗaurin kawai yake turawa, wata rana ya ɓalle.

Na zura sandar ƙarfe a idanun ragar na bakin farko, daga sama har ƙasa, na ɗaure sandar a poton kusurwa wuri huɗu. A ɗaya bakin na zura wata sandar, na kama ta da ƙugiya sama da ƙasa, na haɗa da tirfo, na'urar jan nan ta hannu. Ba a kama raga da ƙugiya kai tsaye, sai ido ɗaya ya miƙe sauran su kwanta. Na fara ja, ƙas, ƙas, ƙas, ina tsayawa ina bin layin ina girgiza ragar don jan ya rarrabu.

Abokan Rilwanu suka taru a bayana. "Ƙara, malam, ƙara. Ai da saura."

Na ce, "Ba sa nake kayarwa ba."

Na nuna musu yadda ake ganewa. Ka sa yatsu a ido ɗaya na ragar ka matse. In ya matsu da yawa, da saura. In ya ƙi motsi sam, ko idanun sun fara tsawo, ka wuce gona da iri, kana cin ƙarfin waya da na poto. Ana so ya ɗan ba da kai kaɗan, ƙasa da faɗin ɗan ƙaramin yatsa, ya koma. Da ya kai haka na warware silin waya ɗaya na raba ragar daga sauran naɗin, na ɗaure sandar ƙarshe a poto, sannan muka bi muna ɗaure ragar a jikin kowane poto da kowace waya, ta ƙasan nan ma fiye da sauran. Muka yi layi na biyu haka. Da muka gama na koma kusurwar na saki dalma. Layi biyu suna jan poton, yana nan inda na bar shi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci delege ya zo, daidai lokacin da motar raguna ta iso daga kara. Aka buɗe, suka zubo cikin fili su sittin, sun yi sati ba su ga ɗanyen ganye ba. Ba su yi shawara ba, gabas suka nufa. Wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho ya ja da baya ya kai wa ragar karo, ta ɗan lotsa ta mayar da shi. Ya sake. Sauran suka bi gindin shingen suna cusa hanci, daga wannan kusurwa har waccan, ba su samu inda kai zai shiga ba. Rilwanu yana tsaye kusa da ni, ina jin numfashinsa.

Delege ya leƙa ta saman shinge ya ce, "Inna Saratou, ƙararki tana nan ko ta tashi?"

Ta tako daga cikin lambun, ta sa yatsu a idon ragar ta matse yadda ta ga ina yi. Ta taka wayar ƙasa da ƙafa. Ta je kusurwar ta tura poton da kafaɗa. Sannan ta ce, "Ta tashi. Ya zauna."

Rilwanu ya nemi buhu ya zauna a kai, ya cire hula ya riƙe ta a hannu. Idanunsa suka cika, ni ma sai na kama tattara kayan aiki da ba su bukatar tattarawa.

Inna Saratou ta koma cikin lambu, ta dawo da babban ɗaurin alayyafo, ta miƙo ta saman waya.

"Karɓi, Rilwanu. Kai wa iyalinka su yi miya. Ragunanka sun ci sau uku, kai da ka yi ban ruwa ko sau ɗaya ba ka ɗanɗana ba."

Ya tashi ya karɓa da hannu biyu.